Batirin Lemon Tsami: Akwai Ƙarfi A Mita, Babu Haske A Tocila

A unguwar Nasarawa cikin Birnin Kebbi, kamar yadda yake a Argungu da sauran garuruwan da ke bakin fadamar Rima, duk abin da ɗan makaranta yake bukata don ya haɗa batir da hannunsa yana nan kusa da shi. Lemon tsami yana kan tiren masu kayan miya, dankalin Turawa da ake kawowa daga tsaunukan Jos yana kasuwa, ƙusar rufin kwano tana wurin kafinta, guntun wayar jan ƙarfe kuwa ba a rasa ta a shagon mai gyaran fanka. Idan aka soka ƙusar a gefe guda na lemon, aka soka wayar a ɗaya gefen, sa'an nan aka ɗora mita irin ta masu gyaran rediyo a kansu, za a ga ta nuna kusan bolt 0.9.

Wannan adadi shi ne yake ruɗin yara, har da manya. Batirin tocila da ake saye a kanti bolt 1.5 ne aka rubuta a jikinsa. Saboda haka yaro mai lissafi zai ce lemo huɗu sun ba da bolt 3.6, sun fi batir biyu ke nan, don haka dole su kunna tocila. Sai a haɗa, ƙwai ya ƙi kamawa, ko ɗan ja-ja bai yi ba. Daga nan wasu su ce waya ce ta tsinke, wasu su ce lemon ne bai nuna ba, wasu kuma su ce dama ƙarya ce irin ta littafi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake daidai. Mita gaskiya ta faɗa, ƙwan ma bai yi laifi ba. Abin da ya faru shi ne an auna abu ɗaya an bar ɗayan.

LEMON BA SHI NE MAI WUTAR BA

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa wutar ba daga cikin lemon take fitowa ba. Ƙusar kwano baƙin ƙarfe ce da aka yi wa rufi da tutiya don kada ta yi tsatsa, kuma wannan tutiya ita ce itacen da ake ƙonawa. Da zarar ta shiga ruwa mai tsami sai ta fara narkewa kaɗan-kaɗan. Kowace ƙwayar zarra ta tutiya da ta narke cikin ruwan takan bar 'yan ƙwayoyin lantarki guda biyu, waɗanda masana ke kira ilektaron, a jikin ƙusar. Su ne suke bin waya su zagaya zuwa jan ƙarfe, kuma wannan tafiya tasu ita ce wutar da ake amfani da ita. A can jikin jan ƙarfen sukan haɗu da ƙwayoyin haidirojin da suke cikin tsamin, su zama iska mai fitowa ƙananan kumfa. Shi jan ƙarfen ba ya cinyewa, masauki ne kawai.

Aikin lemon shi ne ya zama hanya ta ciki. Wuta ba ta gudu sai da'ira ta rufe, watau abin da ya fita ta waya dole a biya shi ta cikin ruwan. Ƙwayoyi masu ɗauke da caji, waɗanda ake kira ayon, su ne suke ratsa ruwan lemon daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Shi ya sa dankali ma yake yi, ruwan gishiri yake yi, ruwan tsamiya yake yi. Shi ya sa kuma idan aka soka ƙusa biyu iri ɗaya mita ba za ta nuna wani abin kirki ba, ko da lemon ya kai tulu girma.

Wannan magana an yi gardama a kanta fiye da shekara 200 da suka wuce a ƙasar Italiya. Luigi Galvani, wani likita na birnin Bologna, ya ga ƙafar mataccen kwaɗo tana motsi idan ƙarfe ya taɓa ta, ya buga sakamakonsa a 1791 yana cewa wutar ta jikin dabbar ce. Alessandro Volta na Jami'ar Pavia ya ce a'a, bambancin ƙarfe biyu ne, kwaɗo kuwa jiƙaƙƙen abu ne kawai a tsakani. Don ya tabbatar da haka sai ya jera faya-fayan tutiya da na jan ƙarfe ko azurfa, ya sa kwali da aka jiƙa da ruwan gishiri a tsakaninsu, ya sami wuta ba tare da kwaɗo ba. Ya sanar da masana na birnin Landan a 1800, kuma daga sunansa aka samo kalmar bolt. Lemon ɗan makarantar Nasarawa yana matsayin wancan jiƙaƙƙen kwali ne.

TSAYIN TANKI DA FAƊIN TIYO

Duk manomin rani da ke ba shinkafa ruwa a fadamar Argungu ya san cewa ƙarfin turin ruwa daban, yawan ruwan da ke isa fage daban. A ɗora tanki a kan dogon gini, ruwan yana da ƙarfin faɗowa. Amma idan mafitarsa siririn bututu ne kamar na ƙarin ruwa a asibiti, sai a wuni ba a cika bokiti ba. Bolt shi ne tsayin tankin. Yawan wutar da ke gudana, wanda ake aunawa da amfiya, shi ne yawan ruwan da ke fita. Abin da ke tauye gudun kuwa ana kiransa turjiya, ana auna shi da om. Dokar da ta haɗa su uku ita ce, a raba bolt da om a sami amfiya.

To, shi kansa batir yana da tasa turjiyar a cikin cikinsa, kuma duk wutar da zai bayar sai ta ratsa ta tukuna. Mita ta zamani kusan ba ta jan wuta idan tana auna bolt, don haka tsayin tankin kaɗai take gani, ba ta san faɗin bututun ba. Hanyar gano shi ba ta da wuya, kuma kowane malamin kimiyya zai iya yi a gaban aji.

A ɗauka an auna lemo guda an sami bolt 0.9. Sai a samo ɗan rasista mai om 1,000 wurin mai gyaran rediyo, a haɗa shi tsakanin ƙusa da wayar jan ƙarfe, a sake aunawa. Alal misali mita ta sauko zuwa bolt 0.45. Wannan yana nufin rabin ƙarfin ya ɓace a cikin lemon, rabi ne kawai ya iso waje. Tun da an raba daidai wa daida, turjiyar cikin lemon ta yi daidai da ta rasistan, watau om 1,000. Wutar da ke gudana kuwa 0.45 ne a raba da 1,000, wanda ya ba da mili-amfiya 0.45, ita kuwa mili-amfiya kashi ɗaya ce cikin dubu na amfiya. Ko da an cire rasistan an haɗa ƙarfen biyu kai tsaye, iyakar abin da wannan lemo zai iya bayarwa bai kai mili-amfiya 1 ba. Wani lemon zai fi haka, wani ya kasa, gwargwadon girman ƙarfe da ruwan da ke cikinsa, amma a wannan yanki lissafin yakan tsaya.

Sai a kwatanta da bukatar ƙwan tocila irin na da mai zare a ciki. Yana son kamar bolt 2.5 da amfiya 0.3, watau mili-amfiya 300. Lemon nan bai ba da ko kashi ɗaya cikin 300 na wannan ba. Babban batirin tocila sabo, turjiyar cikinsa ba ta kai om 1 ba. A ce rabin om ce. Idan ƙwai ya ja amfiya 0.3, abin da zai ɓace a ciki bolt 0.15 ne kacal, saura 1.35 ya fito. Guda biyu sun ba da 2.7, ƙwai ya kama fes. Bambancin bolt tsakanin lemo da batir bai kai ninki biyu ba, amma bambancin turjiya ya kai ninki 2,000.

Jera lemo huɗu bi da bi, wayar wannan a ƙusar wancan, ba ya magance matsalar, domin yadda bolt yake taruwa haka turjiya take taruwa. Bolt 3.6 ne a kan om 4,000, iyakar wutar tana nan inda take. Abin da jerin yake iya yi shi ne ya kunna ɗan jan ƙwan nan na zamani irin wanda ke gaban rediyo ko caja. Shi yana bukatar kamar bolt 1.8 kafin ya buɗe hanya, amma wuta kaɗan ta ishe shi. Da lemo huɗu, saura bolt 1.8 a raba da om 4,000, an sami mili-amfiya 0.45, zai yi ɗan haske da za a gani a ɗaki mai duhu. Da lemo biyu da kyar a ga komai.

Wanda ya nace sai ya kunna tocila da lemo, lissafinsa shi ne layi mai lemo 6 don a sami bolt, sa'an nan irin wannan layi kusan 670 gefe da gefe don a sami amfiya. Lemo kimanin 4,000 ke nan, da ƙusa 4,000. Cajar wayar hannu mai wat 5 kuwa za ta nemi kusan 25,000. Wannan ya isa ya sa mutum ya yi shakkar hotunan da ake yaɗawa na wayar da ake caji da lemo ɗaya ko albasa.

ABIN DA KE TOSHE HANYA

Ina wannan om 1,000 ya fito? Abu na farko shi ne ruwan kansa. Tsamin lemo yana da kaifi a harshe, amma a wurin masana mai rauni ne, domin kaɗan ne daga cikin ƙwayoyinsa suke rabuwa su zama ayon masu ɗaukar caji. Ruwan batirin mota ya fi ruwan lemo iya ɗaukar wuta kamar sau ɗari. Bugu da ƙari, ruwan lemo ba a sake yake ba, yana ƙunshe ne cikin ƙananan jakunkuna da fatu masu raba ɓangare da ɓangare, kowace fata kuwa shinge ce. Dalilin da ya sa ake murza lemon a kan tebur kafin a soka ƙusa ke nan, don jakunkunan su fashe ruwan ya haɗu.

Na biyu shi ne girma da tazara. Ƙusa mai kaurin milimita 3 da aka soka santimita 3, fuskarta da ke taɓa ruwa ba ta wuce murabba'in santimita 3 ba, kuma tsakaninta da jan ƙarfe akwai tafiyar santimita 2 ko 3. A babban batirin tocila kuwa gwangwanin gaba ɗayansa tutiya ne, fuskarsa ta ciki ta fi murabba'in santimita 50, kuma abin da ya raba shi da ɗaya ɓangaren jiƙaƙƙiyar takarda ce da ba ta kai milimita ɗaya ba. Hanya ce mai faɗi kuma gajera, a maimakon matsattsiya mai tsawo.

Na uku shi ne ya fi ban sha'awa, kuma ana iya ganinsa da ido a kan mita. Idan aka bar rasistan a haɗe, adadin ba ya tsayawa a 0.45, sai ya riƙa sauka a hankali cikin 'yan mintoci. Da farko 'yar iskar oksijin da ke cikin ruwan da kuma dattin da ke fuskar jan ƙarfe su ne suke karɓar ilektaron, su ne ma suka ɗaga adadin farko ya kai 0.9. Ba su da yawa, nan da nan suke ƙarewa. Daga nan aikin ya koma kan haidirojin, shi kuwa ba ya samuwa da sauƙi a fuskar jan ƙarfe, sai an kashe wani ɓangare na ƙarfin batirin wajen tura shi. Kumfan da ya fito kuma sai ya manne ya rufe fuskar da dama ba ta da yawa. Har ila yau tsamin da ke daf da wayar yakan ƙare kafin wani ya ratso daga nesa. Idan aka zare wayar aka goge aka mayar, mita za ta yi tsalle ta koma sama, sa'an nan ta sake fara saukowa. Wannan tsalle shi ne shaidar cewa matsalar a fuskar jan ƙarfe take.

Wannan cuta ce ta dami duk masu amfani da batirin Volta, kuma tarihin batir na shekarun da suka biyo baya tarihin neman maganinta ne. A 1836 John Frederic Daniell na Landan ya tsoma jan ƙarfe cikin ruwan shuɗin gishirin jan ƙarfe, ya raba shi da ɓangaren tutiya da shinge mai tsatsar ruwa. Sai ya zamana abin da ke sauka a fuskar jan ƙarfen, jan ƙarfe ne, babu kumfa, batirin ya riƙa ba da bolt 1.1 ba tare da faɗuwa ba. A 1866 Bafaranshe Georges Leclanché ya kewaye sandan gawayi da baƙin garin ma'adinin manganis, ya sami bolt 1.5. Wannan baƙin gari shi ne wanda yara suke gani idan tsohon batir ya fashe a juji. Shi yake karɓar ilektaron da haidirojin ya riƙe su a jikinsa ba tare da iska ta fito ba, kuma da yake gari ne da aka cuɗa da gawayi, fuskarsa ta ninka ta waya sau da yawan gaske. Bajamushe Carl Gassner ya mayar da ruwan ya zama kamar kullu a 1886, aka sami busasshen batir da za a iya ɗauka a aljihu. Saboda haka ainihin batir yana da abin ƙonawa a gefe guda da abin karɓa a ɗaya gefen, an auna kowanne an zuba. Batirin lemo yana da abin ƙonawa, amma ba shi da mai karɓa na kirki.

DAFAFFEN DANKALI

Dankali bai kai lemo tsami ba, amma sau da yawa yakan yi daidai da shi ko ya fi shi daɗewa, domin ruwansa yana da gishirin ma'adinai, namansa kuma yana riƙe ƙarfe da kyau. Abin da ke tauye shi shi ne bangon ƙananan ɗakunan da naman ya ƙunsa. A 2010 wasu masu bincike, Alex Golberg da Haim Rabinowitch na Jami'ar Ibraniyawa ta birnin Ƙudus tare da Boris Rubinsky na Jami'ar Kalifoniya, sun buga sakamakon da ya nuna cewa dankalin da aka tafasa minti 8 yana ba da ƙarfi har kusan ninki 10 na ɗanye. Tafasar ba ta ƙara masa wuta ko kaɗan. Bangon ɗakunan ta fasa, ayon suka sami hanya, turjiyar ciki ta faɗi. Su kuma ba ƙusa suka soka ba, yankan dankali suka matse tsakanin faifan tutiya da faifan jan ƙarfe, watau sun faɗaɗa hanya sun kuma gajarta ta.

Wannan shi ne gwajin da ya fi dacewa da aji, domin yana nuna dalili. A auna ɗanyen dankali da dafaffe ba tare da rasista ba, adadin zai yi kusa da juna. A sa rasista, nan bambanci zai fito fili.

Tutiyar kanta ba ta da laifi wajen ƙarancin wutar. Giram ɗaya na tutiya yana ɗauke da cajin da ya kai mili-amfiya 820 na tsawon awa guda. A ja rabin mili-amfiya, giram ɗin zai kai awa 1,640, fiye da wata biyu ke nan. Tun kafin lokacin lemon ya bushe ko ya ruɓe, musamman a zafin bazarar Kebbi. Sai dai ƙusar kwano ba tutiya ce zalla ba, rufi ne siriri, kuma tsami yana cinsa ko ana jan wuta ko ba a ja. Idan rufin ya cinye baƙin ƙarfe ya bayyana, bolt yakan faɗi ƙasa ƙwarai, ƙusar ta yi duhu. Lemo ko dankalin da aka yi wannan aiki da shi ba a cinsa, ba a kuma ba dabba, saboda ƙarfen da ya narke a ciki.

IDAN GWAJI YA ƘI

Yawancin abin da ke ɓata gwajin ana iya gane shi daga mita. Idan ta nuna sifiri, ko dai ƙarfen biyu sun taɓa juna a cikin lemon, ko kuwa iri ɗaya ne. Idan ta nuna kamar rabin abin da ake tsammani, mai yiwuwa ƙusar ta katako ce marar tutiya. Wayar da aka ciro daga naɗin fanka tana da wani siririn fenti mai kama da jan ƙarfe wanda ba ya barin wuta ta wuce, sai an kankare shi da wuƙa ko an goge da yashi. Akwai kuma masu tsimi da suke soka ƙusa huɗu da waya huɗu cikin dankali guda suna jiran bolt ya ninka. Ba zai ninka ba, domin ruwan ɗaya ne, wutar takan zagaya ta ciki ta cinye kanta. Kowane batir sai da nasa yankan, kuma kada yankan su taɓa juna ko su zauna a kan jiƙaƙƙen faranti. Ɗan jan ƙwan ma yana da gaba da baya, doguwar ƙafarsa ce take zuwa wajen jan ƙarfe.

Masunta da masu gadi da suka daɗe da tocila sun san wata dabara, watau shanya mataccen batir a rana don ya farfaɗo. Ba rana ce take cajinsa ba. Batirin da ya tsufa, kullun cikinsa ya bushe, abin da tutiya ta bari ya toshe hanyoyi, turjiyarsa ta hau daga rabin om zuwa om da yawa. Hutu da ɗumi sukan sa ayon su sake motsi, sai ya ba da haske na ɗan lokaci ya koma. Barinsa cikin rana mai tsanani kuwa yakan sa ya yi yoyo ya ɓata tocilar. Irin wannan batir idan aka ɗora masa mita haka kawai zai iya nuna bolt 1.3, mai shi ya rantse da sauransa. Mai gyaran rediyon da ya san aikinsa ba ya yarda da wannan adadi sai ya haɗa ƙwai ya sake aunawa. Haka ma makanike yake duban batirin mota a daidai lokacin da ake murza makulli, sa'ad da sitata take jan amfiya 100 ko fiye. Batir mai lafiya yakan sauko daga bolt 12.6 zuwa wajen 10 ya tsaya, wanda ya gaji kuwa sai ya faɗi ƙasa da haka nesa, fitilun gaban direba su dushe, a ji ƙas-ƙas kawai.